Tana nuna alamar caji amma ta ƙi kunnuwa, daga ina zan fara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar waya su taimaka mini. Tabulet ce ta yara, Android mai inci 10, ba ta sanannun kamfanonin nan ba ce. Na ajiye ta a durowa ta yi watanni ba wanda ya taɓa ta. Jiya na ɗauko na jona, sai hoton batir ya fito da alamar walƙiya a tsakiya, ka ga ke nan tana caji. Haka ta kwana a jone. Da safe na danna madannin kunnawa, shiru. In na zare cajar na mayar, hoton batirin ya sake fitowa, 1% a ƙasansa. Hotunan yaran tun suna jarirai duk suna ciki, shi ya sa hankalina ya tashi.

Abba Tek: Wa alaikumus salam. Anti, wannan matsalar sofwaya ce, filashin kawai za a yi mata. Na sha ganin irinta.

Malam Sabo mai gyara: Abba, a yi a hankali. Ta ce hotunan 'ya'yanta na ciki, kai kuma ka fara da abin da zai share su. Filashin shi ne na ƙarshe in komai ya ƙi, ba na farko ba.

Maman Ilham, kafin a ce komai ina son ki yi abu ɗaya. Ki cire mata rigarta in tana da ita, ki bar ta a jone, ki danne madannin kunnawa ki riƙe shi daƙiƙa 30 cur ba sakewa. Ki ƙirga da baki, don yawancin mutane daƙiƙa biyar suke yi su ce sun daɗe. Sai ki faɗa mana duk abin da kika gani ko kika ji, ko da ɗan motsi ne a tafin hannunki. Sau ɗaya kawai za ki yi, kar ki maimaita.

Maman Ilham: Na yi, Malam. Ta ɗan girgiza, sunan kamfanin ya fito kamar na daƙiƙa biyu, sai ta ɗauke ɗif. Can an jima hoton batirin ya dawo, yanzu ma 0% yake nunawa.

Malam Sabo mai gyara: Alhamdulillahi, labari mai daɗi ne wannan. Da dannawa ɗaya kin wanke abubuwa uku. Sikirin lafiya lau, tunda ya nuna suna. Madannin kunnawa na aiki, tunda ta amsa. Injin ma da ransa, don shi ne ya fara tashi. Abin da ya rage shi ne wuta: batirin ba shi da ƙarfin da zai ɗauki tashin.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne alamar walƙiyar nan. Ba ta nufin caji yana shiga yadda ya kamata. Da zarar na'urar ta ji bolt 5 ya taɓa bakinta za ta nuna alamar, ko wutar da ke wucewa ta kai amfiya 2, ko ba ta kai ta kunna hoton kansa ba. Tabulet mai inci 10 batirinta yakan kai wajen 7000mAh. In da amfiya 1 ke shiga tsawon dare, da kin tashi kin tarar ta cika ko ta kusa. Ta kwana ta tashi a 1%, to kusan ba abin da ya shiga.

Lokacin tashi kuwa shi ne lokacin da take zuƙar wuta da yawa a tashi ɗaya: sikirin ya haska, injin ya hau aiki gadan-gadan. Kamar mota ce mai raunin batir, fitilun gaban direba za su kama ras, amma kana murɗa makulli komai ya dushe. Kuma duk dannawar da kika yi, ɗan abin da ta tara ne take ƙonewa. Shi ya sa 1% ya koma 0%. Daga yanzu a bar madannin nan ya huta.

Hajiya Turai: Ni ma tawa haka take yi mini wallahi, sai ta kai 80 ta tsaya cak ta ƙi gaba. Jikana ya goge bidiyoyin da suka cika ta amma ba ta daina ba. Ki gwada goge kaya ko taki za ta yi.

Nura: Hajiya, tata ai ba ta kunnuwa ma balle a goge wani abu. Taki kuma ina jin ba lalacewa ba ce, wayoyi da yawa yanzu suna da saitin kare batir da ke tsayar da caji a 80 ko 85. A ce jikan ya duba cikin saitin batir.

Hajiya Turai: Au, to. Allah ya yi albarka, bari ya dawo.

Malam Sabo mai gyara: Maman Ilham, da wace caja kika jona ta? Ki karanto mana ƙananan rubutun da ke jikin kan cajar, layin da ya fara da Output. Igiyar kuma ta ina ce?

Maman Ilham: Cajarta ta asali ta daɗe da ɓata. Kan da na sa an rubuta Output 5V 1A. Igiyar kuma wata 'yar siririya ce da ta zo da abin sauraro na kunne.

Abba Tek: To ga matsalar nan ai. Ki nemo babbar caja mai wat 33 ko 65, minti goma ta tashi.

Malam Sabo mai gyara: Rabin maganarka gaskiya ce, Abba. Kan caja mai amfiya 1 ya yi wa tabulet kaɗan, igiyar abin kunne kuma an yi ta ne don ɗan ƙaramin batir. Amma zancen wat 65 minti goma, a'a. Caja ba ta ɗura wuta da ƙarfi, na'urar ce ke jan abin da take so. Batirin da ya faɗi ƙasa da kamar bolt 3, na'urar da kanta take ba shi wuta kaɗan-kaɗan da gangan har ya farfaɗo, don in aka danna masa wuta mai yawa a wannan halin zai iya lalacewa. Ko cajar wat 100 ka kawo, sai ya bi wannan layin. Kan caja mai kyau na 5V 2A ya wadatar.

Igiya kuma ga yadda take cuta. Siririyar waya tana cinye wani ɓangare na wutar a hanya. A ce turjiyarta rabin om ce. In aka ja amfiya 2 ta cikinta, bolt 1 ya tafi a hanya, abin da zai isa bakin tabulet bolt 4 ne maimakon 5. Ita kuma tana ganin wutar ta faɗi haka sai ta rage ja. Alama na nan a sikirin, caji kuwa na tafiyar hawainiya.

Yanzu ki nemi wayar da ke caji lafiya a gidan, ki ɗauko kanta da igiyarta tare. Ki fara jona su a wayar ki tabbatar suna aiki a yanzu, ba jiya ba. Sannan ki sa wa tabulet, kai tsaye a soket na bango. Ban da kwamfuta, don ramin USB na kwamfuta rabin amfiya yake bayarwa, sabbin kuma 0.9.

Nura: Malam, ni na zaci ana canza abu ɗaya-ɗaya ne don a gane mai laifin. In ta canza kai da igiya tare, ya za a san wanne ne?

Malam Sabo mai gyara: Haka ne in mai laifin kake nema. Mu yanzu so muke ta tashi tukuna. A fara da abin da aka tabbatar yana aiki gaba ɗayansa. In ta tashi, sai a dawo a gwada tsohuwar igiya da sabon kai, a gwada tsohon kai da sabuwar igiya, a san wanda za a jefar. In kuma ba ta tashi da kayan da aka tabbatar ba, ka ga an cire caja daga zargi a gwaji ɗaya.

Wani abu kuma tunda ba ta manyan kamfanoni ba ce: wasu masu sauƙin kuɗin nan, duk da raminsu USB-C ne, ba sa karɓar caji da igiya mai C a kai biyu, saboda an tsallake wasu ƙananan resisto guda biyu da ke gaya wa caja ta saki wuta. Sai da igiya mai babban kai irin na da a gefe ɗaya. In ta Baban Ilham mai C biyu ce kuma kika ga ko alamar ba ta fito ba, kar ki tsorata, ki nemi ɗaya irin.

Maman Ilham: Tasa mai babban kai ce, an rubuta 5V 2A da wasu lambobi a ƙasa. A wayarsa tana aiki sosai. Na sa wa tabulet kusan awa ɗaya, har yanzu 0%. Amma na lura da wani abu: in na ɗan taɓa igiyar sai alamar ta ɓace, in na tura ta ciki ta dawo.

Baba Ɗanladi: 'Yata, wurin cajin ne ya mutu. A kai a canza shi kawai, kar ki wahalar da kanki.

Malam Sabo mai gyara: Mai yiwuwa ne, Baba, amma a cikin waɗanda ake kawo mini da cewa wurin caji ya mutu, da yawa datti ne kawai. Maman Ilham, ki yi wannan gwajin. Ki sa igiyar a wayar maigidan, ki kalli ƙarfen bakinta: ya shige duka? Kin ji ɗan ƙas lokacin da ta zauna? Sai ki sa a tabulet ki kwatanta.

Maman Ilham: A wayarsa ƙarfen ya ɓace duka, kuma na ji ƙas ɗin. A tabulet akwai ɗan ƙarfe a waje, kaurinsa kamar farce, kuma ba ta yin ƙas. Tana lilo ma in na girgiza.

Malam Sabo mai gyara: To mun kama shi. Zaren tufafi da ƙura ne suke taruwa a ramin, duk sa caja sai ta ƙara danne su can ƙasa, har su zama dunƙule mai tauri kamar katifa. Bakin igiyar ya je ya tokare da shi, bai kai inda zai kama sosai ba. Ƙafafun da ke ciki suna taɓa juna da ƙyar, ya isa a nuna alama, bai isa a ɗauki wuta ba. Akwai kuma ƙafafun da na'urar ke gane irin cajar da su. In waɗannan ba su haɗu ba, sai ta ɗauka ramin kwamfuta ne, ta tsaya a rabin amfiya ko ƙasa.

Ga yadda za ki yi. Ki zare caja. Ki haska ramin da tocilar waya. Za ki ga wani ɗan siririn harshe a tsakiya, a jikinsa ƙafafun suke, sama da ƙasa. Shi ba a taɓa shi, ba a kuma jingina da shi a yi ƙwaƙwula, in ya karye sai canjin rami. Dattin yana can ƙasan ramin, kewaye da gindin harshen. In kin ga ƙasan ya yi fari-fari ko toka-toka, ba ƙarfe ba ne, shi ne dattin.

Ki sami tsinken sakace na itace ko na roba. Yawanci ya yi kauri, sai ki fere bakinsa da reza ya zama fale-fale. Ki zura shi ta gefen bango, ki kai ƙasa, ki ja daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ki ɗago shi waje. Kusurwoyin biyu su ne matattara. Ki juya ramin yana kallon ƙasa don abin da ya ɓanɓaro ya faɗo. Da farko za ki ga kamar ba komai, ki ci gaba a hankali, sai ya fara fitowa.

Abba Tek: Allura ta fi shiga, ni da ita nake yi. Ko ƙarfen cire sim.

Malam Sabo mai gyara: Ka yi sa'a ne zuwa yanzu. Allura tana kankare ruwan zinaren da ke kan ƙafafun, daga nan tsatsa ta samu wuri. Tana iya ɗaga ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, kuma ƙarfe ce, tana haɗa ƙafafun da bai kamata su haɗu ba. Ƙarfen sim kuma ya yi kauri, harshen zai tura.

Nura: A hura da baki fa? Ko a ɗiga sanitaiza?

Malam Sabo mai gyara: Hurawa ba ta motsa dattin da ya dunƙule, sai dai ka ƙara masa danshi. Sanitaiza kuma akwai ruwa da maiƙo a cikinta. Mu a wurin aiki wani irin sifirit da ake kira isofurofil muke sawa, mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ɗan kaɗan a bakin buroshi, kuma sai in akwai maiƙo ko wani kore-kore na tsatsa. Ita busasshen tsinke ya ishe ta. In kuwa ta haska ta ga kore ko baƙi kamar ƙuna a kan harshen, ta dakata, maganar Baba ta tabbata, canji ne.

Maman Ilham: Innalillahi. Jama'a kun ga abin da ya fito? Dunƙulen zare kamar auduga, launin toka, har kashi uku, da wani ɗan guntun takarda. Ban taɓa zaton ɗan ramin nan zai ɗauki wannan ba. Harshen dai fes yake, ba kore ba baƙi. Yanzu igiyar ta shige duka, ta yi ƙas, ba ta lilo.

Malam Sabo mai gyara: Madalla. Ki jona ki ajiye ta a kan tebur, ba kan katifa ba. Kar ki danna komai. Za ta iya yin rabin awa ko fiye a 0% ko 1%, wannan farfaɗowar da na faɗa ce. Tunda ba ki da mita, hannunki ne mitarki: bayan kamar minti 40 ki taɓa kan cajar. In ya yi ɗumi, wuta na tafiya. In yana nan sanyi ƙalau bayan awa biyu kuma lambar ba ta motsa ba, sai mu yi wata maganar.

Ga masu ɗan mitar USB da ake sawa tsakanin kai da igiya, abin ya fi sauƙi. Batirin da ya yi ƙasa sosai za ka ga yana jan kamar 0.10A ko 0.20A, ya daɗe a nan, sai ya yi tsalle ya haura 1A. Wannan lafiya ce. In ya maƙale a wajen 0.45A ya ƙi wucewa, ka zargi igiya ko rami. In lambar na rawa duk lokacin da ka taɓa igiya, rami ne. In kuma ya zauna a ƙasa awanni bai taɓa hawa ba, to ko batirin ya gama, ko abin da ke sarrafa caji a kan injin ya samu matsala.

Baba Ɗanladi: Tunda ana jira, Malam Sabo, bari in shigo da tawa. Wayata ce, in na jona tana yin ƙarar caji, tana girgiza, amma fuskar baƙi ƙirin. Ko hoton batirin ba na gani. Ita ma dattin ne?

Malam Sabo mai gyara: A'a Baba, taka daban ce. A sa wani ya kira lambar.

Baba Ɗanladi: An kira, tana ringin.

Malam Sabo mai gyara: To wayarka a kunne take, gani ne ba ka yi. Ko dai ta sandare ne da baƙin sikirin, ko sikirin ɗin ya tafi. A fara tilasta mata sake tashi: a danne madannin kunnawa da na rage murya tare, a riƙe daƙiƙa 10 zuwa 20. In ta girgiza ta tashi kuma har yanzu baƙi, a shiga ɗaki mai duhu a haska fuskar da tocila a karkace. In ana hango agogo ko rubutu dishi-dishi, fitilar bayan sikirin ce ta mutu. Wannan gwajin na masu sikirin LCD ne, masu AMOLED ba su da fitila a baya, ba abin da za a gani. Ta faɗi kwanan nan?

Baba Ɗanladi: Ta zame daga aljihu, amma ko tsagewa ba ta yi ba.

Malam Sabo mai gyara: Gilashin sama na iya zama lafiya na ciki ya fashe, ko igiyar sikirin ta zame daga mazauninta. Sai an buɗe za a sani. Abin da ke cikinta dai yana nan, kar ka yarda a yi mata filashin.

Zainab A.: Wai da gaske ne in aka sa waya a firiji ko a rana batirin na tashi? An taɓa gaya mini.

Nura: Kar ki soma. Firiji raɓa zai tara mata a ciki, rana kuma batirin za ta dafa.

Malam Sabo mai gyara: Nura ya gama magana. In ƙara da wannan: duk wanda ya ga bayan waya ya ɗago, ko sikirin ya rabu da jiki ta gefe, batirin ya kumbura. A zare caja, kar a danna shi, kar a huda, kar a ce za a jira ya farfaɗo. Maman Ilham, ki kwantar da taki a kan tebur ki duba ko tana zaune daidai.

Maman Ilham: Daidai take, ba kumburi. Kuma albishirinku: kan cajar ya yi ɗumi, ta daɗe a 1% sai ga 3%, yanzu 11%. In kunna?

Malam Sabo mai gyara: Ki bari ta kai 20, kuma ki kunna tana jone.

Maman Ilham: Ta kai 22. Na danna ba ta amsa ba, sai na yi irin wanda kuka gaya wa Baba, na haɗa da na rage murya. Yanzu wani baƙin shafi ya fito da ƙananan rubutu, an sa FASTBOOT MODE. Taɓa fuskar ba ya yin komai. Na lalata ta ko?

Abba Tek: Ba ki lalata ba Anti. Ki shiga recovery ki zaɓi Wipe data/factory reset, za ta tashi fes.

Nura: Abba don Allah! Wannan layin shi ne mai share komai. Ga hotuna sun tafi, ga shi bayan nan za ta nemi asusun Google da aka fara sawa, in an manta kalmar sirrin an shiga wata sabuwar wahalar.

Abba Tek: Na manta da zancen hotunan, yi haƙuri Anti. Amma dai yana tayar da waya in sofwaya ce.

Malam Sabo mai gyara: Yana yi, in sofwaya ce. Nan ba mu ga alamar haka ba tukuna.

Maman Ilham, ba abin da ya lalace. Madannai biyun nan aikinsu ya danganta da halin da na'urar take ciki. In a kunne take ta sandare, kunnawa da rage murya suna tilasta mata sake tashi, Samsung ma cewa suka yi a riƙe fiye da daƙiƙa 7. In kuwa a kashe take, a wayoyi da yawa, irin su Xiaomi, wannan haɗin shafin FASTBOOT yake kaiwa, wanda masu gyara ke amfani da shi. Taki a kashe take, shi ya sa. Fita ba wuya: ki saki na murya, ki danne na kunnawa shi kaɗai daƙiƙa 15 zuwa 20 har fuskar ta ɗauke. In ba ta tashi da kanta ba, ki sake riƙe shi kamar daƙiƙa 5. Ina jin dannawar farko taɓawa kawai kika yi, ba ki riƙe ba.

In wani ya tsinci kansa a ɗaya shafin, wanda kunnawa da ƙara murya ke kaiwa, zai ga jerin rubutu. Da madannan murya ake hawa da sauka, da na kunnawa ake zaɓa, kuma abin da za a zaɓa shi ne Reboot system now. In hoton ɗan robot ne a kwance da rubutun No command, a riƙe na kunnawa a taɓa na ƙara murya sau ɗaya, jerin zai fito.

Waya kuma da ke komawa FASTBOOT da kanta duk lokacin da aka kunna, a duba madannin rage murya, sau da yawa riga ce ta danne shi ko datti ya maƙale shi.

Zainab A.: Masu iPhone fa, haɗin ɗaya ne?

Nura: A'a. Daga iPhone 8 zuwa sama: taɓa ƙara murya ki saki, taɓa rage murya ki saki, sai ki riƙe madannin gefe har tambarin Apple ya fito, kar ki saki da wuri. iPhone 7 rage murya da na kunnawa tare. 6s da iPad masu madannin tsakiya, shi da na kunnawa tare. Ba ɗayansu da ke goge komai.

Maman Ilham: Ta tashi! Ta daɗe a kan sunan kamfanin har na fara fidda rai, sai ga hoton Ilham a fuskar. Agogon ya koma wata shekara can baya amma komai na nan. Allah ya saka da alheri, Malam, Allah ya ƙara buɗi.

Malam Sabo mai gyara: Amin. Kafin ki miƙa wa yara, yau ɗin nan ki kwashe hotunan zuwa kwamfuta ko wata wayar. Agogo zai gyaru in ta hau intanet. Ki bar ta ta cika, sannan ki gwada tsohuwar igiyar da kan cajar maigidan ki ga ko lambar na hawa.

Maman Ilham: Na dawo da rahoto. Hotuna na kwashe. Tsohuwar igiyar da kai mai kyau, rabin awa kashi biyu kacal ta ƙara, na jefar da ita. Sai dai wani abu: ta cika 100, yara suna kallo ta sauko 38, kawai sai ta mutu. Da na jona ta nuna 4%.

Abba Tek: Wannan lissafin batirin ne ya rikice saboda daɗewa a kashe. Ki cika ta 100, ki bari ta ƙare da kanta, sau biyu ko uku, zai daidaita.

Malam Sabo mai gyara: Wannan karon ba zan ce ka yi kuskure ba, yana faruwa. Amma ni na fi zargin batirin kansa. Wanda ya yi watanni a ƙasa da bolt 3 ba kasafai yake dawowa yadda yake ba, kuma mutuwa farat ɗaya ana tsakiyar bidiyo halin batirin da ba ya iya ɗaukar nauyi ne. Ban so kuma a yi ta kai shi sifili, abin da ya jawo matsalar ke nan tun farko.

Nura: Ni ina bayan Abba a nan. Tsalle daga 38 zuwa 4 ya fi kama da lissafi. Sau ɗaya dai ba zai kashe shi ba.

Malam Sabo mai gyara: To a yi sau ɗaya, amma tana mutuwa a jona ta nan take, kar ta kwana a haka. Maman Ilham, ki rubuta lambar da ta mutu a kai da kuma awa nawa ta yi daga 100. In ta sauko har ƙasa da 10 kafin ta ɗauke, Abba da Nura sun yi gaskiya. In ta sake mutuwa a wajen 30 ko 40, ko awannin suka yi kaɗan ƙwarai, batir za a canza.

Baba Ɗanladi: Ni dai tawa na haska da tocila ban ga komai ba, kuma ban san ko LCD ce ko ɗayar ba. Ina ake dubawa?

Nura: Baba, turo mana sunan wayar da lambarta, suna jikin kwalinta ko a bayanta. Sai mu duba maka.